Lissafin Kujeru, Rumfuna Da Janareta A Bikin Da Ba A San Yawan Baƙi Ba

Shekaru shida da suka wuce muka aurar da ƙanena, kuma har yau akwai abin da idan na tuna shi daga wannan biki nake jin nauyi a ƙirjina. Wani dattijo, aminin mahaifinmu tun suna samari, ya taso tun daga Daura don ya halarci ɗaurin auren. Da aka dawo walima, sai na hango shi tsaye ya jingina da bango, sandarsa a hannu, samari sun cinye kujeru kaf. Kafin in ratsa taro in samo masa wurin zama ya riga ya yi sallama ya kama hanya. Bai taɓa ɗaga maganar ba har Allah Ya karɓi abinsa. A wannan yini dai, liman na tsakiyar addu'a janareta ya shaƙe, lasifika ta ɗauke, mutane suka yi ta shafa fatiha ba su ji abin da ake roƙa ba.

Saboda haka da yayana ya kira ni a bana ya ce, "Dokta, walimar ɗiyarka da wunin mata duk na bar maka, kai ne mai lissafi," ban yi musu ba. Na tambaye shi mutum nawa yake sa rai. Ya ce dubu. Na tambayi uwar amarya, ta ce in dai ban tanadi kujera ɗari bakwai ba to na shirya jin kunya. Na tambayi mai hayar kujeru, ya ce mini, "Alhaji, kai dai ka ɗauka da yawa." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai babu wanda ya ba ni abin da zan yi aiki da shi. Abin da na koya a wannan hidima shi nake so in shimfiɗa wa mai karatu a wannan makon, domin kusan kowane gida yana da ranar da za ta zo masa.

Mu a nan ba a amsa katin gayyata a ce za a zo ko ba za a zo ba. Kati ɗaya yakan kawo mutum uku, wani kuma ya ƙare a aljihun mota. Ana sanarwa a masallaci, ana turawa ta waya, ga kuma 'yan gayyar soɗi waɗanda ƙamshin shinkafa ne katinsu, kuma ba tarbiyyarmu ba ce a tsaya a ƙofa ana tantance fuska. Don haka neman ainihin adadin baƙi ɓata lokaci ne. Abin da ake iya samu shi ne iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama, da kuma adadi na tsakiya da za a gina shiri a kansa.

Na zauna da yayana muka kasa mutanen gida uku. Kashin farko su ne waɗanda in ba rashin lafiya ko mutuwa ba sai sun zo: dangi na ɓangaren ango da na amarya, maƙwabta na layi, da aminai. Waɗannan sunayensu muka rubuta ɗaya bayan ɗaya, muka samu 150. Kashi na biyu su ne waɗanda aka kai wa kati don girmamawa, abokan aiki da abokan kasuwa, su 240. Na ɗauka rabinsu za su zo, wato 120, kuma ɗaya cikin huɗu zai zo da aboki ko direba, ƙarin 30 ke nan, suka zama 150. Kashi na uku su ne waɗanda za su ji labari su zo. Su ba su da suna a takarda, don haka na nemi hotunan walimar da wani maƙwabci ya yi bara a wannan fili, na tambaye shi robar abinci nawa ya raba da kuma kati nawa ya buga. Daga bambancin na ƙiyasta 150. Jimilla 450. Na sa 350 a matsayin iyakar ƙasa, 600 kuma iyakar sama. Dubun da yayana ya ambata yawan mutanen da ya sani ne.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu biki shi ne su ɗauka mutum 450 na buƙatar kujera 450. Walimar maza ba lacca ba ce. Mutum yakan zo, ya gaisa, ya ci, ya yi wa ango Allah Ya sanya alheri, ya tashi. Abin da ake buƙatar sani shi ne mutum nawa za su kasance a zaune lokaci guda a sa'ar da taro ya fi cika. An sa ɗaurin auren ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Asabar, walima kuma daga sha ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Na san mafi yawan mutane daga masallaci za su zarce, don haka na ɗauka biyu cikin uku, wato 300, za su iso a cikin sa'ar farko. Idan kowannensu zai yi minti 40 a zaune, to a cikin minti 60 kujera ɗaya za ta ɗauki mutum ɗaya da rabi. Mutum 300 na buƙatar kujera 200. Idan kuma iyakar sama ce ta tabbata, 400 ne za su zo a sa'ar farko, kujerunsu kusan 270.

Wannan lissafi yana da wani sirri da ban lura da shi ba sai da na rubuta shi a takarda. Minti 40 ɗin nan ba a hannun baƙo yake ba, a hannun mai abinci yake. Idan abinci ya makara, mutane suka zauna jira har zaman kowa ya kai sa'a guda, mutum 300 ɗin nan sai sun cinye kujera 300. Jinkirin minti 20 a kicin daidai yake da ɓatan kujera 100. A bikin ƙanena abin da ya faru ke nan: kujerun ba su yi kaɗan ba, shinkafar ce ba ta iso ba, kowa ya kafe a inda yake. Don haka a wannan karon na roƙi mai girki ta ƙulla abinci a robobi tun ƙarfe goma, a jera su a wurin kafin a shafa fatiha.

Da dozin ake hayar kujerun roba. Na ɗauki dozin 20, kujera 240. Na sa aka jera dozin 17, wato 204, sauran 36 kuma aka tara su a bayan rumfar abinci, na ɗora wani ɗan'uwa a kansu da sharaɗin kada ya saki ko ɗaya sai na ce. Hikimar ɓoye su ita ce kujerar da ke fili kowa nata ne, yara ma sukan ja ta su yi wasa, amma wadda ke ajiye ita ake miƙa wa dattijon da ya iso a makare. Sannan na ba mai kujeru ɗan kafin alƙalami ya riƙe mini dozin 5 a shagonsa, a kan cewa in na kira zai turo su a a-kori-kura, in ban kira ba kuɗin ya zama nasa. Ranar Asabar kayan haya sukan ƙare a gari, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na ƙarshe game da kujeru: a ƙirga su a gaban wanda ya kawo, a ware masu tsagaggen ƙafa. Na samu tara a cikin nawa, aka canza su. Wanda bai ƙirga da safe ba, shi zai biya kuɗin karyayyu da ɓatattu da daddare.

Rumfa kuwa, wadda wasu ke kira kanofi, kada a tambayi mai ita mutum nawa take ɗauka, a tambaye shi ƙafa nawa ce. Wadda aka kawo mini ƙafa 20 ce tsawo, 20 faɗi, mai ita kuma ya rantse tana cin mutum 60. Na gwada da kaina. Kujerar roba mai hannu ta kusa ƙafa biyu a faɗi, saboda haka takwas ne suke shiga a layi idan an bar hanya a tsakiya. Kowane layi yana son ƙafa uku domin mai babbar riga ya wuce ba tare da ya taka na zaune ba, layi shida ke nan. Takwas sau shida 48, dozin huɗu cif. Sittin za su shiga idan an toshe hanya an haɗa gwiwa da bayan kujera, amma wannan ba zaman cin abinci ba ne.

Da zarar tebur ya shigo, lissafin ya sauya. Zagayayyen tebur mai faɗin ƙafa biyar yana zaunar da mutum takwas, amma shi da kujerunsa da wurin ja da baya suna cin fili ƙafa goma ta kowane ɓangare. Tebur huɗu ne kawai ke shiga rumfar, mutum 32 a maimakon 48. Tebur yana cinye kashi ɗaya cikin uku na inuwar da aka biya kuɗinta, sannan yana zaunar da mutane, domin wanda ya samu inda zai ɗora gwiwar hannu hira yake buɗewa. Shi ya sa na taƙaita tebura a rumfa biyu, ɗaya ta dattawa da malamai, ɗaya ta surukai: tebur takwas, mutum 64. Ragowar kujeru 140 suka shiga rumfa uku ba tebur. Rumfa ta shida ta abinci ce, da dogayen tebura huɗu da aka raba gida biyu domin a riƙa miƙawa ta ɓangare biyu. Ta bakwai na bar ta babu kujera, aka shimfiɗa tabarmi. Ita ce maganin rashin tabbas ɗina: in taro ya ƙaru kujerun ajiya su shiga cikinta, in bai ƙaru ba a yi sallar azahar a ciki. Dozin biyar na shago kuwa, na riga na duba inuwar itatuwan darbejiya da ke jikin katanga na san nan za su zauna.

Wunin mata da ya biyo baya a waɗannan rumfuna yana da nasa hukunci. Mata in sun zo sun zo ke nan sai magariba, don haka kusan kowace baƙuwa tana buƙatar mazauninta, ga yara. Mun sa ran 260, aka fito da duka 240, tabarmi suka ɗauke tsofaffi da masu goyo, waɗanda da ma sun fi son su miƙe ƙafa. Sai dai bayan la'asar rana takan sauko ta leƙo ta yamma, inuwar rumfa ta zame gabas, layin da ke bakin yamma ya koma cikin rana. Rumfar da ta ɗauki 48 da hantsi, 40 take ɗauka da yamma. Maganinsa shi ne a haɗa rumfunan baki da baki daga gabas zuwa yamma domin inuwar wannan ta faɗa a kan waccan, a rataya labule ko tabarma a bakin ta ƙarshe. A kuma ɗaure ƙafafunsu da turaku ko buhunan yashi, musamman a farkon damina, lokacin da iska ke riga ruwa isowa.

Janareta kuwa bai san yawan baƙi ba, abin da aka jona masa kawai ya sani. Don haka tambayar da ake yi wa mai haya, wai wane inji ne zai ishi mutum ɗari biyar, ba ta da amsa. A ɗauki takarda a bi kayan ɗaya bayan ɗaya, a karanta wat ɗin da ke rubuce a jikin kowanne. Namu ga yadda suka kasance: kayan sauti wat 1,500, manyan fankoki na tsaye guda 12, kowace wat 200, jimilla 2,400, firiza biyu na sanyaya ruwa da lemo, 500, ƙwayayen wuta 20 masu wat 20 saboda magariba, 400. Duka 4,800.

Ƙarfin janareta da kVA ake faɗarsa, kuma ba daidai yake da wat dubu ba. Ƙa'idar da masu aikin wuta ke bi ita ce kowane kVA ɗaya a ɗauke shi wat 800. Wat 4,800 ya zama kVA 6. Amma ba a ɗora wa inji iyakar ƙarfinsa na tsawon yini, balle a zafin Afrilu na Kano, lokacin da iska mai zafi ke rage wa inji kuzari. Ana barin kashi ɗaya cikin huɗu a sarari, sai lissafi ya kai kVA 8. Wannan sarari shi ne kuma yake ɗaukar fizgar firiza, domin duk abin da ke da kwamfaresa yakan ja ninki uku ko fiye na wutarsa a daƙiƙar da zai tashi. Na ɗauki mai kVA 10. A lura kuma, babbar lambar da ake mannawa a jikin tankin ƙananan injuna sau da yawa iyakar abin da inji zai jure na ɗan lokaci ce. A duba ƙaramin allon da ke gefensa, inda akan rubuta lamba biyu, a yi aiki da ƙaramar.

Uwar amarya ta so a kafa na'urar sanyaya ɗaki ta tsaye guda biyu a inda amarya za ta zauna. Kowace tana jan wajen wat 1,800, biyun 3,600, kashi uku cikin huɗu na duk sauran kayan a haɗe. Da na yarda, jimilla ta koma 8,400, lissafi ya kai kVA 14 tun kafin a sa fizgar tashinsu, dole sai babban injin dizal. Na ce mata, "Hajiya, rumfa ba ta da bango, unguwa za mu sanyaya." Ta yi dariya ta haƙura da fanka biyu daga cikin sha biyun. Ga abin da ya kamata mai biki ya riƙe: ƙarin baƙi 48 rumfa ɗaya ce da fanka biyu da 'yan ƙwayaye, ƙasa da wat 500. Butar lantarki guda ɗaya ta dafa shayi tana jan wat 2,000, daidai da fanka goma. Baƙi ɗari da ba a zata ba ba za su kashe janareta ba, amma buta ɗaya tana iya yi.

Na san haka a takarda, amma duk da haka sai da ta cije ni. Wat 4,800 a wutarmu mai bolt 230 ya kai amfiya 21, alhali wayar jone-jone ta kasuwa ba ta wuce amfiya 13, wasu ma ba su kai ba. Don haka mai gyaran wuta ya ja layi uku daga injin: na sauti shi kaɗai, na fankoki, da na firiza da ƙwayaye. Wajen ƙarfe huɗu da rabi fankoki suka tsaya cak, inji kuwa yana ta aikinsa. Ashe wata baiwar Allah ce ta jona buta a layin fankoki za ta haɗa wa jariri madara. Wat 2,400 da 2,000 sun zama amfiya 19 a wayar da ba ta wuce 13 ba, fis ya ƙone. Injin yana da sararin ɗaukarta, wayar ce ba ta da shi. Laifina ne da ban tanadi fulas ɗin ruwan zafi ba, ban kuma rufe bakin soket ɗin da ba a amfani da su ba. Minti goma aka yi ana fifita da kwali kafin a gyara, amma lasifika ba ta ko yi tari ba, saboda layinta daban.

Inji yakan yi gargaɗi kafin ya mutu. Idan an yi masa nauyi muryarsa takan yi ƙasa kamar mota a kan tudu, fankoki su rage gudu, lasifika ta fara ƙara, na dizal kuma ya yi baƙin hayaƙi. Wanda ya ji haka ya fara cire firiza, ruwan da ke ciki zai riƙe sanyinsa. A riƙa taɓa waya kuma, in ta yi zafi to an wuce ƙarfinta, kuma kada a bar ta a nannaɗe, domin a nannaɗe ta fi saurin ɗaukar zafi. Mai kuwa, na ƙiyasta lita uku a sa'a, sa'a takwas lita 24, na sayi 30. Mun kashe injin lokacin sallar azahar da la'asar, ya huce aka ƙara masa, domin zuba fetur a inji mai zafi yana aiki shi ne hanyar gobara. Mun ajiye shi nesa da rumfuna, ta inda iska ke kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi, ba a cikin zaure ko lungu ba, saboda hayaƙin janareta yana kisa a rufaffen wuri. Ƙaramin injin gidan yayana mai kVA 3 kuma yana gefe da mansa a ciki, domin in babban ya ƙi, a mayar da sauti kansa.

Da aka tashi, mai girki ta ce ta raba roba 520 a walimar maza, sama da adadina na tsakiya da 70, ƙasa da iyakar sama. Motar abinci ta biyu ta makara da kwata, nan take kujerun ajiya 36 suka ƙare, na kira mai kujeru, dozin biyar suka iso cikin minti 20, muka yi amfani da kusan rabinsu. Da na bi shawarar kujera ɗari bakwai, da fiye da ɗari huɗu sun yini a rana babu wanda ya zauna a kansu, da rumfunan da za a biya don rufe su.

Wajen ƙarfe ɗaya wani tsoho ya iso, malamin allon yayana ne, jikansa na riƙe da hannunsa. Rumfar dattawa ta cika. Na ɗaga wa ɗan'uwan nan hannu, ya zaro kujera ɗaya daga cikin biyun da na ce ya ɓoye ko da sama za ta faɗo, aka sa masa a gaba kusa da fanka. Ya zauna, ya ci abinci, ya yi wa yaran addu'a, kuma kowa ya ji ta. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.